Daga iPhone zuwa Android: Abin da zai bi ka da abin da za ka baro

A kasuwannin waya irin su Farm Centre a Kano da Banex a Abuja, musayar waya ba ta ɗaukar lokaci. Mutum ya miƙa tsohuwar iPhone ɗinsa, a yi mata kuɗi, ya cika ko a ba shi ciko, ya fito da Samsung ko Tecno ko Infinix ko Redmi a kwali. Sai ya isa gida ya tarar lambobin abokan ciniki ba su cika ba, hirarrakin WhatsApp na shekaru sun ɓace, manhajar banki kuma tana neman kalmar sirrin da ya daɗe bai rubuta da hannunsa ba. Galibin wannan asara ana iya kauce mata, muddin an san inda kowane bayani yake zaune, kuma an bi matakan bisa jerinsu.

Ina bayananka suke zaune?

Abin da muke kira bayanan waya a wurare uku yake. Na farko shi ne abin da ke cikin ƙwaƙwalwar wayar kanta, kamar saƙonnin tes da hirarrakin WhatsApp. Na biyu shi ne abin da ke rumbun kamfanin Apple na intanet, wato iCloud, kamar lambobin waya da hotuna da rubuce-rubucen manhajar Notes. Na uku shi ne abin da ke hannun wasu kamfanoni dabam, kamar Gmail da Facebook da Telegram da bankinka.

Kashi na uku ba shi da wahala. Da zarar ka shigar da sunanka da kalmar sirri a sabuwar waya, komai zai bayyana yadda ka bar shi, domin dama ba a cikin iPhone yake ba. Aikin yana ga kashi na farko da na biyu. Na farko sai an kwaso shi daga waya zuwa waya, na biyu kuma sai an sauko da shi daga iCloud, domin wayar Android ba ta iya buɗe ajiyar da iPhone ta yi a can. Wanda ya ce hankalinsa kwance yake saboda wayarsa tana yin ajiya a iCloud kowane dare, ya sani cewa wata iPhone ce kaɗai za ta iya karɓar wannan ajiya gaba ɗayanta.

Damar da ke zuwa a kunnawar farko

Hanya mafi kwasar kaya ita ce a haɗa wayoyin biyu da kebul a lokacin da aka kunna sabuwar wayar karo na farko. A cikin tambayoyin da take yi bayan zaɓen harshe, za ta nemi sanin ko kana son kwafo bayanai daga tsohuwar waya. A wayoyin Samsung, manhajar Smart Switch ce ke wannan aiki. Idan aka haɗa kebul, iPhone za ta tambaya ko ka amince da na'urar da aka jona mata, sai ka danna Trust ka sa lambar buɗe waya.

Irin kebul ɗin ya danganta da wayarka. Daga iPhone 14 zuwa ƙasa, bakin cajin Lightning ne, don haka ana buƙatar kebul mai Lightning a gefe ɗaya da USB-C a ɗaya gefen. Daga iPhone 15, wadda ta fito a 2023, bakin ya koma USB-C, sai a yi amfani da kebul mai USB-C a gefe biyu. A kula da kebul mai araha wanda caji kawai yake yi, ba ya ɗaukar bayanai. Alamarsa ita ce za ka ga waya ɗaya tana cajin ɗaya, amma tambayar Trust ba ta fito ba.

Ta wannan hanya lambobin waya da kalanda da hotuna da bidiyon da ke cikin wayar da saƙonnin tes duk suna ƙaura, kuma sabuwar wayar za ta nemo takwarorin manhajojinka na kyauta a Play Store ta sauke su. Akwai hanyar da ba ta buƙatar kebul, amma abin da take kwasowa bai kai na kebul ba. Saboda haka a roƙi mai shago kada ya saita wayar ya kai ta har shafin farko da sunan gwaji. Idan ya riga ya yi, za a iya goge wayar a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, tambayar ta sake fitowa.

WhatsApp, inda aka fi yin asara

Ga ɗan kasuwa, WhatsApp littafin ciniki ne. A nan hotunan kaya suke, da shaidar tura kuɗi, da saƙon muryar da aka yi alƙawarin ranar biya. Ga ma'aikaci, nan takardun ofis da sanarwar taro suke yawo. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne kamfanin ba ya riƙe tsofaffin hirarraki a wajensa. A iPhone, ajiyarsu tana iCloud. A Android, tana asusun Google. Rumbunan biyu ba sa karanta na juna. Idan ka sauke WhatsApp a sabuwar waya ka sa lambarka kawai, za ka ga sunayen zaurukanka sun dawo, amma babu ko saƙo ɗaya na baya a cikinsu.

Tun 2021 kamfanin ya samar da hanyar ƙaura daga iPhone zuwa Android, amma da sharuɗɗa. Dole a yi amfani da lambar waya guda a wayoyin biyu, dole a haɗa su da kebul, kuma dole sabuwar wayar ta zama sabuwa fil ko wadda aka goge. Ban da wayoyin Samsung masu Smart Switch, ana buƙatar Android 12 ko sama da haka. A tsakiyar aikin kwafi, sabuwar wayar za ta nuna wani hoto mai murabba'i na QR, sai ka haska shi da kyamarar iPhone. Ana kuma iya shiga ta cikin WhatsApp ɗin iPhone, a Settings, sannan Chats, sannan Move Chats to Android. Bayan an gama, sai a buɗe WhatsApp a sabuwar wayar, a tabbatar da lamba, a amince da shigo da hirarrakin.

Hirarraki da hotuna da bidiyo da saƙonnin murya suna zuwa. Tarihin kiraye-kirayen da aka yi ta WhatsApp ba ya zuwa. Mai amfani da WhatsApp Business ya fara dubawa ko zaɓin ƙaurar yana cikin manhajarsa kafin ya taɓa komai. Ko da akwai ko babu, hirar da ta shafi bashi ko kwangila ta cancanci kwafi na biyu: a buɗe hirar, a danna sunan mutumin a sama, a zaɓi Export Chat, a tura wa kai ta imel. Wannan kwafi ba ya komawa cikin WhatsApp, amma yana nan a matsayin shaida da za a iya karantawa.

Idan kuma an riga an yi gaggawar buɗe WhatsApp a sabuwar waya, ba a makara ba matuƙar iPhone ɗin tana hannu kuma ba a goge manhajar daga cikinta ba. Tsofaffin hirarrakin suna nan. A mayar da lambar kan iPhone, a goge sabuwar wayar, a sake aikin da kebul. Abin da za a rasa shi ne saƙonnin da suka shigo sabuwar wayar a tsakani.

Hotuna: abin da ka gani a allo ba lallai yana cikin wayar ba

A nan ne lissafi yake shigowa. Idan iCloud Photos a kunne yake, kuma an zaɓi Optimize iPhone Storage, wayar tana riƙe ƙananan kwafi ne kawai domin ta rage cin wuri, ainihin hotunan masu cikakken girma suna iCloud. Kebul kuwa abin da ke cikin waya yake kwasa. Don haka mutum zai iya ganin hoto dubu goma a iPhone, bayan ƙaura ya tarar da kaɗan daga ciki. Ana gane halin da ake ciki ta shiga Settings, sannan sunanka a sama, sannan iCloud, sannan Photos.

Mu ɗauki misalin wani mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari. Yana da iPhone 11 mai gigabayit 64, ya sayi Samsung mai gigabayit 128. Hotunansa da bidiyonsa a iCloud sun kai gigabayit 38, amma a cikin wayar gigabayit 6 kawai suka ci, domin ƙananan kwafi ne. Wurin da ya rage a wayar gigabayit 12 ne. WhatsApp ɗinsa kuma ya ci gigabayit 9.

Shawarar da aka saba bayarwa ita ce ya zaɓi Download and Keep Originals domin hotunan su sauko cikin wayar kafin a haɗa kebul. Amma hakan na buƙatar ƙarin gigabayit 32, shi kuwa 12 gare shi, ga kuɗin datar da saukewar za ta ci idan babu intanet ɗin ofis ko na gida. Wannan hanya ta toshe masa.

Hanya ta biyu ita ce ya shiga shafin privacy.apple.com, ya nemi Apple ya tura kwafin hotunansa kai tsaye zuwa Google Photos. Wannan ba ya cin datarsa, domin tsakanin kamfanonin biyu ake yin jigilar, kuma yakan ɗauki kwana uku zuwa bakwai. Sai dai Google gigabayit 15 kawai yake bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne suke raba shi. Idan imel ɗinsa ya riga ya ci 2, saura 13. Ajiyar WhatsApp a Android ma daga cikin wannan wuri take ci, don haka idan ya ajiye hirarrakinsa har da bidiyo, abin da zai rage bai wuce 4 ba. Gigabayit 38 ba za su shiga ba, sai ya sayi ƙarin wuri na Google One, wanda ake biya duk wata. Idan kuma asusun Google ya cika maƙil, saƙon imel ma yana daina shigowa, abin da ma'aikaci ba zai so ya faru da shi ba.

Hanya ta uku ita ce ya shiga iCloud.com a kwamfuta, ya sauke hotunan kashi-kashi, sannan ya zuba su a sabuwar wayar da kebul. Gigabayit 128 za su ɗauki hotuna 38 da WhatsApp 9 har wuri ya rage. Wannan hanya tana cin data sau ɗaya, amma ba ta jawo biyan kuɗin wata-wata. Ga wannan ɗan kasuwa, zaɓi yana tsakanin ta biyu da ta uku. Ko wacce ya bi, kada ya daina biyan kuɗin iCloud ɗinsa sai ya gwada adadin hotunan ɓangarorin biyu ya ga sun yi daidai, domin gigabayit 5 kawai Apple yake bari kyauta.

Lambobin waya da rubuce-rubuce

Akwai masu zaton cewa lambobinsu suna cikin sim, da sun cire shi sun sa a sabuwar waya shi ke nan. iPhone ba ta ajiye lamba a kan sim. Lambobin suna iCloud, ko a asusun Gmail idan da shi aka haɗa su, ko a cikin wayar. Kebul yakan kawo su, amma yana da kyau a yi kwafi na daban. A shiga iCloud.com, a buɗe Contacts, a zaɓi duka, a fitar da su a matsayin vCard. Fayil ɗaya ƙarami zai sauko. Sai a shiga contacts.google.com a danna Import a ɗora shi. Daga nan duk wayar Android da ka sa asusunka na Google a cikinta za ta nuna su. Kafin ka rabu da iPhone, duba jimillar lambobin a ƙasan jerin, ka gwada da na sabuwar waya. Idan akwai giɓi mai yawa, alama ce wasu lambobin suna wani asusu dabam, wataƙila imel ɗin wurin aiki.

Manhajar Notes, inda wasu ke rubuta basussuka da lambobin asusun banki, ba ta da reshe a Android. Za ka iya karanta rubuce-rubucenka a iCloud.com ta burauzar sabuwar waya, amma waɗanda ke da muhimmanci gara ka kwafe su zuwa Google Keep ko ka tura wa kanka ta imel. Waɗanda ka kulle da kalmar sirri sai ka buɗe su tukuna. Haka ma sautukan da aka naɗa da Voice Memos, a tura masu amfanin da hannu a saurare su a sabuwar waya don tabbatarwa.

Kashe iMessage kafin cire sim

Saƙon da mai iPhone ya tura wa mai iPhone yakan bi ta iMessage, shi ne mai launin shuɗi, ba ta hanyar tes ta kamfanin layi ba. Idan ka koma Android alhali lambarka tana nan a rajistar Apple, wayoyin abokanka masu iPhone za su iya ci gaba da tura maka saƙo ta can, su ga ya tafi, kai kuwa bai iso ba. Alamar wannan matsala ita ce saƙon banki da na masu Android suna shigowa, amma na masu iPhone shiru.

Maganin yana da sauƙi. Tun sim yana cikin iPhone, ka shiga Settings, ka nemi Messages, ka kashe iMessage, sannan ka kashe FaceTime. A iOS 18 da na bayansa, waɗannan suna ƙarƙashin Apps. Wanda ya riga ya sayar da wayarsa zai iya cire lambarsa a shafin Apple mai suna Deregister iMessage, inda za a turo masa lambar tabbatarwa ta tes.

Masu iPhone 14 zuwa sama da aka shigo da su daga Amurka suna da ƙarin aiki, domin waɗannan ba su da ramin sim, layin yana cikin wayar ne a matsayin eSIM. Babu abin da za a zare a sa a wata waya. Sai an tuntuɓi kamfanin layin ya mayar da lambar kan sim na kati, ko ya ba da sabon eSIM idan sabuwar wayar tana karɓa. A yi wannan kafin a goge iPhone, domin ta wannan layi lambobin tabbatarwa na banki da na WhatsApp za su zo.

Kalmomin sirri da manhajojin banki

Shekaru kana buɗe manhajar banki da fuskarka ko yatsanka, iPhone tana cike maka kalmar sirri. Bayanin fuska da na yatsa ba sa barin wayar, kuma kalmomin sirrin da Apple ya adana maka kada ka dogara cewa za su bi kebul. Ka buɗe su a manhajar Passwords, ko a Settings idan wayar tsohuwa ce, ka tabbatar ka san na imel da na banki da na asusun Apple. Manhajar banki za ta sauka a sabuwar waya ba tare da bayananka ba, kuma yawancin bankuna sukan nemi a sake tabbatar da sabuwar na'ura ta lambar da za su turo wa layin da ke kan asusun. Ka shiga kowacce ka gwada tura ɗan ƙaramin kuɗi tun tsohuwar wayar tana hannunka.

Mai amfani da Google Authenticator, musamman don imel ɗin ofis ko manhajojin hada-hadar kuɗi, ya buɗe ta a iPhone ya zaɓi Transfer accounts, ya haska hoton da za ta nuna da sabuwar wayar. Wanda ya goge iPhone kafin ya yi haka, kuma bai haɗa manhajar da asusun Google ba, zai iya samun kansa a waje, ga kalmar sirri daidai amma babu lambar shiga.

Abin da ba ya ƙaura ko kaɗan

Manhajar da ka saya da kuɗi a App Store ba ta zama taka a Play Store, sai ka sake saya. Kuɗin rajistar wata-wata da kake biya ta hannun Apple ba ya tsayawa don ka bar iPhone, za a ci gaba da cira daga katinka har sai ka soke shi a Settings, ƙarƙashin sunanka, a Subscriptions. Agogon Apple Watch ba ya aiki da Android. AirPods za su yi aiki kamar kowace na'urar kunne ta Bluetooth, amma ba tare da wasu daga cikin ƙarin hidimominsu ba. Apple Music kuwa yana da manhaja a Android, don haka mai rajista zai ci gaba da sauraro.

Kafin a miƙa tsohuwar waya

Kada a yi musaya a tsaye a rana guda. Idan hali ya yi, a riƙe iPhone ɗin mako guda bayan ƙaura, domin a cikin amfanin yau da kullum ake gano abin da bai zo ba. Idan mai shago ya dage sai an bar masa ita a ranar, to a gama duk shirye-shiryen da aka ambata tun daga gida, a kuma zauna a shagon har a kammala kwafin, wanda zai iya ɗaukar sa'a guda ko fiye idan kayan suna da yawa. Wayoyin biyu su kasance cike da caji.

Kafin gogewa, ka duba cewa layin da ke hannunka shi ne amintacciyar lambar da ke kan asusunka na Apple. Bayan iPhone ta tafi, ta wannan lamba kaɗai za a turo maka lambar shiga iCloud.com, inda sauran hotunanka da rubuce-rubucenka suke. Sannan ka shiga Settings, ka danna sunanka, ka zaɓi Sign Out, ka sa kalmar sirrinka. Wannan yana kashe Find My, ya kuma cire makullin da 'yan kasuwar waya ke kira makullin iCloud, wanda idan aka bar shi mai saye ba zai iya amfani da wayar ba. Daga nan sai General, sannan Transfer or Reset iPhone, sannan Erase All Content and Settings.

A guji goge hotuna ɗaya bayan ɗaya da hannu alhali iCloud Photos yana kunne, domin duk hoton da aka goge a wayar yana gogewa a iCloud ma. Goge wayar gaba ɗaya bayan an fita daga asusu ba ya taɓa abin da ke iCloud. Asusun Apple ɗin kansa a bar shi a buɗe, ba ya cin ko kwabo, kuma abin da aka saya da shi yana nan ga wanda wata rana zai koma iPhone.